Wayar da yayana ya aiko tana neman lambar da ban sani ba

Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke aiki a wata ƙasa ya aiko mini da wayarsa Samsung da ya daina amfani da ita. Da na sa layina sai ta rubuto "SIM network unlock PIN". Na sa lambar sirrin layina sau biyu, ta ƙi. Da waifai komai yana aiki, amma ba kira ba saƙo. Mai gyara ya ce in kawo a yi mata filashin, wani kuma ya ce wayar sata ce shi ya sa. Raina ya ɓaci, kuma ina jin nauyin tambayar yayana kada ya ga kamar na raina kyautarsa. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, ki daina sa kowace lamba a wannan gurbi, ko da wani ya rantse miki cewa ta yi wa tasa wayar aiki. Wayar tana ƙirga kuskure. A yawancin wayoyi damar ba ta wuce biyar ko goma ba, gwargwadon ƙirar wayar da kamfanin da ya sayar da ita, kuma kashe waya da kunnawa ba ya mayar da ƙirgen baya. Kin ci biyu. Idan suka ƙare, wayar za ta koma neman wata lamba ta biyu, wadda samunta ya fi wuya. A ƙasan gurbin akwai inda aka rubuta "Dismiss", ki danna shi ki ci gaba da amfani da waifai har mu gama abin da zan bayyana miki.

Lambar da kika sa daidai take a wurinta, sai dai ba ita ake tambaya ba. Lambar sirrin layi tana cikin sim ɗin ne, duk wayar da kika kai shi za ta bi shi. Idan aka kuskure ta sau uku sim ɗin yana rufewa ya nemi PUK, lamba takwas da ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki. Wadda wayarki ke nema kuwa a jikin wayar take. Kamfanin layin da ya sayar wa yayanki da ita ne ya sa a kulle ta, don kada ta karɓi layin kowa sai nasa. Suna yin haka ne saboda galibi ba kuɗi hannu ake sayen waya a wurinsu ba. Ko dai su rage farashi da sharaɗin mutum zai zauna a layinsu na wani lokaci, ko su bar shi ya riƙa biya wata-wata, kullen kuma shi ne jinginarsu. Da yake yayanki da layinsu yake amfani, mai yiwuwa bai taɓa ganin wannan rubutu ba, bai ma san wayar a kulle take ba.

Za ki iya tabbatar da wannan da kanki cikin minti goma. Ki cire layinki ki sa a wata wayar da kika san tana aiki. Idan ya hau ya yi kira ba tare da an tambaye ki komai ba, to layinki lafiya yake. Sannan ki ari layin wani kamfani dabam, wanda kika ga ana kira da shi yanzun nan, ki kashe wayar yayan naki, ki sa shi, ki kunna. Kashewar tana da amfani, domin wayar tana duba sim ne sosai a lokacin da take tashi. Idan shi ma ta tare shi da wannan rubutu, ko makamancinsa irin "Enter network unlock code" ko "Network locked SIM card inserted", magana ta ƙare: kullen kamfani ne. Kada ki sa komai a gurbin yayin gwajin, ki karanta kawai.

A waya mai Android wannan gwaji na sa layi shi ne shaida mafi ƙarfi, don ba kowace ke faɗin matsayinta a cikin saiti ba. Masu iPhone sun fi samun sauƙi. Tun daga iOS 14, wanda ya fito a 2020, ana shiga Settings, sai General, sai About, a gangara zuwa Carrier Lock, wanda a wasu wayoyin ake rubuta shi Network Provider Lock. Idan an ga "No SIM restrictions" wayar a buɗe take, idan an ga "SIM locked" a kulle take. Ita iPhone ba ta da gurbin sa lamba sam. Kamfanin layin ne ke sanar da Apple a saki wayar, ita kuma ta karɓi sakin ta intanet, kuma Apple da kansa ba ya buɗewa sai kamfanin layin ya ba da izini.

Maganar wanda ya ce wayar sata ce ba ta da madogara a abin da kika gani. Wayar da aka kai rahoton an sace ta ko ta ɓata, alamarta dabam ce. Ba ta tambayar lamba. Tana karɓar sim ɗin, ta nuna sunayen da ke cikinsa, amma sabis ba ya hawa, ko ya hau ya sauka, idan aka buga kira ta ce "Not registered on network" ko ta tsaya a "Emergency calls only". A nan ba wayar ce ke ƙin layi ba, kamfanonin layi ne ke ƙin wayar, saboda an sa lambarta a jerin waɗanda aka toshe, jerin da kamfanoni da yawa ke musayarsa ta hannun ƙungiyarsu ta GSMA. Waya tana iya haɗa matsalolin biyu, amma rubutun da ke fuskar taki kullen kamfani kaɗai ya nuna, kuma miliyoyin wayoyi da aka saya da halak suna ɗauke da shi. Ina jin ciwon yadda ake saurin jefa kalmar sata a kan abin da ba a fahimta ba, har ta shiga tsakanin mutum da ɗan'uwansa.

Filashin kuwa ki bar shi. Kullen ba ya cikin manhajar da ake gogewa a sake ɗorawa, yana wani sashe mai kariya da ke haɗe da na'urar da ke kama sabis. Shi ya sa ko an mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta, tana tashi da kullenta. Abin da filashin zai iya jawo miki biyu ne. Idan asusun Google na yayanki yana kan wayar aka goge ta ta bayan fage, za ta tashi tana neman imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, kin ƙara kulle a kan kulle ke nan. Idan kuma mai gyaran ya kutsa wancan sashen mai kariya da manhajar da bai ƙware da ita ba, yana iya lalata lambar shaidar wayar, ta zama ba ta hawa kowane layi, har na kamfanin da ya sayar da ita. Wasu masu gyaran suna da akwatunan da ke iya ɓalle kullen wasu tsofaffin wayoyi, ban musa ba. Amma ke kina da abin da yawancin masu zuwa wurinsu ba su da shi: mutumin da ya sayi wayar da sunansa yana nan, kuma yana ɗaukar kiranki. Wanda mabuɗi ke hannun ɗan'uwansa ba shi da dalilin ɓalle ƙofa.

Don haka dole ki yi masa magana, amma ki fara tattara abin da zai buƙata, don magana ɗaya ta wadatar. Ki buɗe inda ake buga kira ki danna wannan:

```
*#06#
```

Ba sai kin danna kira ba, nan take za ta fito da IMEI, lamba goma sha biyar da ke bambanta wannan wayar da kowace waya a duniya. Idan mai sim biyu ce za ki ga IMEI biyu, ki ɗauki duka, ki nuna wanne ne na ɗaya. Kada ki kwafa da hannu, ki ɗauki hoton fuskar wayar ki tura. Dalili shi ne lambar buɗewa an ɗaure ta ne da IMEI ɗin wayar. Idan aka kuskure lamba ɗaya wajen kwafa, ko dai kamfanin ya ce bai san wayar ba, ko a ɓata kwanaki ana jiran amsar da ba taki ba. Saboda wannan dalilin ne ma lambar da ta buɗe wayar maƙwabciyarki ba za ta taɓa buɗe taki ba, ko da ƙirarsu ɗaya launinsu ɗaya. Idan kwalin ya zo tare da wayar, ki gwada IMEI ɗin jikinsa da na fuskar wayar. In sun saɓa, wanda wayar ta nuna shi za a bi.

Sai sunan kamfanin da ya kulle ta. Wannan wurin mutane ke yawan tuntuɓe, su je wurin kamfanin layin da suke son sawa, ko wurin Samsung, a ce musu ba su da hannu a ciki. Gaskiya suka faɗa. Wanda ya kulle shi ke da ikon buɗewa. Sau da yawa tambarinsa yana fitowa lokacin da wayar ke tashi, ko ki tarar da manhajojinsa a ciki waɗanda ba sa goguwa. Kuma ki tambayi yayanki a wurin wa ya sayi wayar, ba layin da yake amfani da shi yau kaɗai ba, don yana iya yiwuwa ya sauya layi lokacin da ya sayi sabuwa.

Ga yadda zan so saƙon ya kasance: "Yaya, wayar ta iso lafiya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi. Tana aiki da kyau, sai dai kamfanin layinku sun kulle ta a kan layinsu, kuma mai asusun kaɗai suke saurara. Don Allah idan ka samu sarari ka nemi su buɗe ta, ga hoton IMEI." Babu raini a cikin wannan. Wanda ya ɗauki nauyin aiko miki da waya daga nesa so yake ta yi miki amfani, kuma zai fi jin zafi idan daga baya ya ji ta lalace a teburin mai gyara saboda kin ji nauyinsa.

Shi kuma abin da zai yi ba shi da yawa. Zai shiga asusunsa a shafin kamfanin ko manhajarsu, ko ya kira masu kula da abokan ciniki, ya nemi buɗe waya, ya ba da IMEI. Za su duba abubuwa kusan iri ɗaya a ko'ina: ko an gama biyan kuɗin wayar, ko babu bashi a asusun, ko wayar ta yi adadin kwanakin da suka gindaya a layinsu, da ko ba a taɓa kai rahotonta ba. Adadin kwanakin ne ke bambanta. A Amurka, alal misali, AT&T ya daɗe yana neman kwana 60 ga masu biyan wata-wata da wata shida ga masu sa kati, T-Mobile kuma kwana 40 ga masu biyan wata-wata. Irin waɗannan sharuɗɗa suna sauyawa, don haka ya karanta na ranar da zai nema. Wasu ƙasashen sun sauƙaƙa lamarin da doka. Kanada ta wajabta buɗewa kyauta daga Disamban 2017, ta kuma ce a riƙa sayar da sababbin wayoyi a buɗe, Birtaniya ta hana sayar da waya a kulle daga Disamban 2021. Tunda wayar da ya gama amfani da ita ce, akwai kyakkyawan zaton ta cika sharuɗɗan tuni. A wurin yawancin kamfanoni buɗe wayar da ta cika sharaɗi kyauta ne, kuma amsa kan zo cikin 'yan kwanaki, ta imel ko saƙon waya. Ya ajiye lambar buƙatar da za su ba shi, ita zai ambata idan aka yi shiru.

Idan amsar ta zo da lamba, a Samsung galibi takwas ce ko goma sha shida. Ya turo miki hoton saƙon gaba ɗaya, domin wani lokacin ana haɗo lambobi biyu: ɗaya an rubuta mata NCK ko Network code, ɗayar MCK ko Defreeze. Ta farko ce taki. Ki kashe wayar, ki sa layinki, ki kunna, gurbin ya fito. Ki shigar da lambar a hankali, ki dubi hoton ki dubi fuskar wayar lamba bayan lamba, sannan ki danna "Unlock". Idan ta yi za ki ga "Network unlock successful", sabis ya hau, kuma ba za ta sake tambaya ba. Idan ta ce "Network unlock request unsuccessful", ki tsaya a wannan karo ɗaya. Kada ki maimaita da tunanin ko hannu ne ya zame. Ki sake gwada IMEI ɗin da aka ba kamfanin da na wayar, sannan yayanki ya koma musu, ya faɗa musu gaskiya cewa an riga an kuskure sau biyu kafin a nemi lambar. Ta biyun, MCK, aikinta sai lokacin da damar ta ƙare. A lokacin wasu wayoyin kan rubuta "SIM network PIN blocked. Enter SIM network PUK", sai mutane su ɗauko PUK ɗin katin layinsu su sa, alhali wannan ma ta waya ce, daga kamfanin da ya kulle take zuwa. Ana sa MCK da farko, sannan a bi ta da NCK.

Tana yiwuwa kuma amsar ta zo ba lamba, a ce kawai an amince. Wasu kamfanonin ta intanet suke sakin waya. A irin wannan ki haɗa ta da waifai, ki shiga Settings, sai Connections, sai More connection settings, ki duba ko akwai Network unlock. Idan ta ba ki zaɓi tsakanin Permanent da Temporary, ki ɗauki Permanent, don ɗayan na matafiya ne, yana ƙarewa wayar ta koma a kulle. Ki bar ta ta kashe kanta ta tashi.

Idan aka ƙi, ya nemi a faɗa masa dalili takamaimai, don kowane dalili da maganinsa. Ragowar kuɗi, sai a biya. Kwanaki ba su cika ba, wani lokacin sai wayar ta koma kan layinsu ta ƙarasa, wanda ke nufin mayar masa da ita. Idan ta fito cewa shi ma ta hannu ya saya, akwai kamfanonin da ke karɓar buƙata daga wanda ba abokin cinikinsu ba muddin wayar ba ta da bashi, AT&T na cikinsu. Waɗanda ba sa karɓa, sai a koma ga wanda ya sayar masa, da rasit. Idan kuwa aka ce an kai rahotonta, wanda ya kai rahoton kaɗai ke iya janyewa. Yakan faru mutum ya ɓatar da waya, ya sanar, ya gan ta daga baya, ya manta bai koma ya faɗa ba. In haka ne gyaransa kira ɗaya ne. In ba haka ba, kada ki yarda kowa ya ce zai sauya mata IMEI. A ƙasashe da dama laifi ne, Birtaniya ma tun 2002 ta yi masa doka ta musamman.

A daidai wannan gaɓa ta jira ne masu talla a intanet ke samun mutane, da alkawarin lamba cikin awa ɗaya. A cikinsu akwai masu kawo lambar da ke aiki, akwai masu karɓar kuɗi su ɓace, kuma daga waje ba a iya bambanta su. Ke da damarki ta ragu, lambar bogi guda ɗaya tana cin kuɗi ta ci dama. Duk wanda ya nemi kalmar sirrin imel ɗinki, ko ya ce ki sauke wata manhaja don ya shiga wayarki daga nesa, ki rabu da shi. Kamfanin layi ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki don ya buɗe waya.

Masu sayen iPhone ta hannu su kula da wata dabara mai kama da wannan. Akwai wani siririn falle, kaurinsa kamar takarda, da zanen zinare-zinare a jikinsa, da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sim a cikin tiren. Aikinsa ruɗar wayar ta ɗauka layin kamfaninta ne. Mai saye zai ga kira yana shiga ya biya, sai ranar da ya sabunta manhaja ko ya sauya layi sabis ya ɗauke. Zaro tiren a duba, sannan a leƙa Carrier Lock, don fallen ba ya sauya abin da ke rubuce a wurin.

Bayan taki ta buɗe, ki gwada abu uku da layinki: kira, saƙo, da data bayan kin kashe waifai. Idan kira ya shiga data ta ƙi, ba kullen ne ya dawo ba. Wayar tana riƙe da saitin intanet na tsohon kamfani ne. Ki shiga Connections, sai Mobile networks, sai Access Point Names, ki zaɓi na kamfaninki, ko ki kira su su turo miki. Idan kuma data tana aiki amma ta fi zama a 3G alhali wayoyin da ke kusa da ke suna kan 4G, to wayar an ƙera ta ne don zangon sabis na wata ƙasa, kuma wasu daga cikin waɗanda kamfaninki ke amfani da su ba ta da su. Buɗewa ba ta gyara wannan, amma gwada layin wani kamfani yakan taimaka, tunda ba zango ɗaya duka suke amfani da shi ba. Kafin ki zuba hotunanki da lambobinki, ki sa yayanki ya cire asusunsa na Google da na Samsung daga cikin Settings, yana kan layi yana faɗa miki abin da za ki danna, sannan ki goge wayar daga cikin saitin ki ɗora naki. Gogewar ba ta mayar da kullen kamfani idan ta hanyarsu aka buɗe.